Saƙo Ya Iso Tasha: Abin da Dila Guda ta Koya Muna



Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune nan gaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwa 'yan ƙungiya, da mazajenmu da ɗiyanmu da sunka zo taya mu murna, muna yi ma kowa barka da zuwa. Allah Ya maimaita muna wagga rana da rai da lafiya.

Da anka ce mu 'yan sashen atamfa da hijabi mu kawo jawabi bana, mun zauna mun yi shawara, sai munka ga babu abin da ya fi dacewa mu yi magana a kai kamar karɓar saƙo. Yau da wuya a samu mace cikinmu da ke shiga mota ta tafi Kano sari da ƙafarta kamar da. Kuɗin mota ya yi tsada, hanya kuma kowa ya san halin da take ciki. Sai dai mu kira mai shago a Kantin Kwari ko a kasuwar Sakkwato, ya turo hoton kaya a waya, mu zaɓa, mu yi mashi taransifa, shi kuma ya ɗaure ya kai tasha. Abin da yara ke kira webil ke nan. Ciniki ya yi sauƙi, amma akwai gaɓa guda da ake yawan yin hasara a cikinta, wato tsakanin saukar kaya daga mota da shigarsu hannun mai su. A kan wagga gaɓa za mu tsaya, kuma za mu fara da abin da ya faru da mu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Cikin azumin bara, mu shida munka haɗa kuɗi munka yi odar atamfa turmi 40 daga Kano, anka ɗaure muna a dila guda. Lissafinmu shi ne kayan su iso kafin ranar kasuwa ta kusa da Salla, lokacin da teloli ba su rufe karɓar ɗinki ba. Duk mai sayar da atamfa ta san wanga lissafi. In tela ya ce ya rufe, mace ba ta sayen turmi ta ajiye, sai ta sayi ɗinkakke ko ta haƙura.

Wadda ta saba da mai shagon ita ta yi magana da shi. Shi kuwa bai san sunanta na yanka ba, Maman 'Yan Biyu ya san ta. Haka yaronshi ya rubuta da maka a jikin dila: Maman 'Yan Biyu, Gummi. Da ya nemi lambar waya, wayarta tana wurin gyara, sai ta ba da ta maigidanta. Babu wadda ta ga laifin haka cikinmu a lokacin.

Kaya sun bar Kano, sun biyo ta Funtuwa da Tsafe sun kwana Gusau. Washegari anka sauya masu mota, sunka biyo ta Mayanci da Anka da Daki Takwas, sunka iso Gummi da la'asar, saura kwana uku kasuwa. Direba ya kira lambar da ke jikin dila. Maigidan kuwa tun da safe ya tafi ƙauye ta'aziyya, inda babu sabis. Direba ya kira, ya sake kira, bai samu ba. Ba ya iya zama jiranmu, don da sassafe zai yi lodi ya juya, kuma ba direban da ke son dare ya same shi bisa wagga hanya. Sai ya sauke dila a ofishin tasha, anka rubuta a littafi, ya kama gabanshi.

Mu kuma muna gida muna jiran kira. Mun tambayi mai shago, ya ce an loda, direba zai kira ku. Ba mu nemi lambar direba ba, ba mu nemi lambar mota ba. Ana gobe kasuwa hankalinmu ya tashi, munka aiki yaro tasha ya tambayo ko akwai kayan ƙungiyar mata daga Kano. Anka duba littafi anka ce babu saƙo mai wanga suna. Kuma gaskiya sunka faɗa, don ba sunan ƙungiya ke jikin dilar ba.

Ranar kasuwa da hantsi mu uku munka tafi da kanmu. Muna leƙa ɗakin ajiya sai ga dilarmu jingine a kusurwa. Munka yi hamdala, munka ce a kira mai baro. Malamin da ke riƙe da littafi ya ce mu dakata. Ya ɗauki wayarshi ya buga lambar da ke jikin dila, anka ce a kashe take. Ya dube mu ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri. Kayan ga ba ni iya ba da su sai wayar ga ta yi ƙara hannunku, ko wanda ya aiko ya yi mani magana." 'Yar uwarmu ta fiddo katin zaɓenta ta miƙa mashi. Ya karanta, ya ce, "Inna, sunan da ke ga kati daban, wanda ke ga dila daban. Maman 'Yan Biyu nawa ke garin ga?"

Ranmu ya ɓaci ƙwarai a lokacin. Muna ganin kayanmu da idonmu, kasuwa na ci, an hana mu. Amma da munka huce, munka gane malamin nan kayanmu ya tsare muna. Da ya ba mu don mun ce namu ne, to da wata ta riga mu zuwa ta ce nata ne, ita ma sai ya ba ta.

Yadda anka warware shi ne, mun kira mai shago a Kano, shi ya nemo wanda ya yi mashi lodi, wannan ya nemo direban farko, na farko ya ba da lambar na biyu, na biyu yana bisa hanya bai ɗauka ba sai bayan magariba. Da safe ya kira ofis ya tabbatar, mai shago ya turo hoton rasit, anka tambaye mu abin da ke cikin dila munka faɗa, anka farke gefe guda anka ga haka ne, sannan munka sa hannu. Dila ta kwana huɗu a tasha. Mun biya kuɗin ajiya naira 500 kowane kwana, naira 2,000 ke nan, ban da katin waya da munka ƙone. Wannan duk ƙarami ne. Babbar hasarar ita ce kasuwar ta wuce. Cikin turmi 40, guda 23 kawai munka sayar kafin Salla, ta bin gida gida. Sauran 17 sun zauna sai bayan Salla, jarin mutum shida ya kwanta, biyu daga cikinmu sai da anka ɗaga masu zubin adashi.

To, 'yan uwa, ku duba da kyau. Ba a sace komai ba, direba bai ci amana ba, mai shago bai cuce mu ba. Abu biyu kawai munka yi sakaci da su tun kaya ba su bar Kano ba: sunan da anka rubuta da lambar da anka rubuta. Shi ya sa muke cewa karɓar saƙo tun ranar lodi take farawa.

Bari mu ɗauki maganar shaida, wato yadda mai ajiya ke gane mai kaya. Shi wanda ke zaune a ofishin tasha bai ga cinikin da kika yi ba, bai ga kuɗin da kika tura ba. Abin da ke gabanshi rubutu ne a jikin buhu da layi guda a littafi. Don haka gwajin farko da zai yi shi ne kiran lambar nan. In waya ta yi ƙara a hannunki, magana ta kusa ƙarewa. In ba ta yi ba, sai ya koma ga suna, ya nemi kati, ko na zaɓe ko na ɗan ƙasa, ko takardar NIN mai lamba 11. A nan ne mu mata ke faɗawa matsala fiye da maza. Da yawanmu suna uku gare mu: na yanka, wanda ake kiranmu da shi a gidan miji, da wanda ake kiranmu da shi a kasuwa. Wata ma a kati sunan mahaifinta ke biye da nata, a kasuwa kuwa da sunan miji anka san ta. Mai ajiya ba ya da ikon haɗa waɗannan da kanshi. Don haka ki ɗauko katinki, ki duba yadda anka rubuta sunanki, ki tura ma mai shago shi a rubuce, harafi da harafi. In ana son sa laƙabi, a sa shi a ƙasa, bayan sunan kati.

Nan ne munka ga amfanin zaman da muke yi a aji da yamma. Da, mai shago zai turo hoton buhu, mu dubi launinshi kawai mu ce to. Yanzu muna karanta abin da ke jiki. Watanni kaɗan da sunka wuce wata 'yar ajinmu ta gano an juya lamba biyu a tsakiyar lambar wayarta, an sa 68 inda ya kamata a sa 86. Lambar waya guda 11 ce, ta ƙirga sun cika, amma da ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa sai ta ga kuskuren. Ta kira nan take anka gyara tun kaya na ƙofar shago. Da ba ta iya karatu ba, da direba wani baƙo can zai yi ta kira.

Ita lambar ma, a sa guda biyu, kuma in da hali na kamfanin waya daban daban, don in sabis ɗin wanga ya ɗauke, na wancan ya kama. Ta farko ta zama wayar da ke kwana hannunki, mai caji. Ta biyu ta wanda ke cikin gari a ranar, kuma kin shaida mashi ana jiran kaya. Ba wanda ya manta watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnati ta sa anka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, anka kuma dakatar da kasuwannin mako. A wancan lokacin lambar da ke jikin buhu ba ta da amfani ko kaɗan. Wanda anka rubuta sunanshi cikakke da unguwarshi shi ake iya nema da ƙafa. Tun daga nan ya kamata mu koyi ƙara sunan unguwa ko layin rumfarmu a kasuwa, don ko yanzu sabis na ɗaukewa yini guda ba sanarwa.

Da yawanmu kuma ba mu zuwa tasha da kanmu, ko don aure ko don ba mai tsare rumfa. Sai a aiki yaro ko ɗan kabu-kabu. Wanda anka aika ba sunanshi ke jikin kaya ba, don haka kada ki tura shi haka nan da baki. Kafin ya tashi, ki kira direba ko mai ajiya daga lambar da ke jikin buhun, ki faɗi sunan wanda ke zuwa. Ki ba shi hoton rasit ko hoton buhun a wayarshi. In ya isa, mai ajiya ya sake kiranki ki tabbatar. Kiran nan na biyu shi ne kariyarki, don akwai masu yawo a tasha suna karanta sunaye a jikin buhuna, sannan su zagayo su ce Hajiya wance ta aiko su. Suna da lamba kowa na iya karantawa. Abin da ɓarawo ba ya da shi shi ne wayarki da sanin abin da ke cikin buhu. Don haka ma ba mu son a rubuta "atamfa turmi 40" a waje. A bar wannan a cikin rasit.

Sai maganar lokaci. A tasha da wuya a ce maki ga ranar ƙarshe a rubuce, amma akwai wa'adi iri uku da ke gudu ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Na farko wa'adin direba. Daga saukarshi zuwa lokacin da zai sake lodi, kaya na hannun wanda ya ɗauko su, ya san inda ya karɓe su, kuma in akwai yagewa ko jiƙewa da shi za a yi magana. Wannan shi ne lokaci mafi kyau na karɓa, kuma sau da yawa bai wuce 'yan sa'o'i ba. Na biyu wa'adin ajiya. Da zarar direba ya miƙa kaya ofis, kuɗin kwana na iya fara hawa. Kowace tasha da al'adarta, wata tana yafe daren farko, wata tana duba girman kaya, don haka a tambaya tun a waya nawa ne kwana, kada a bari sai an zo ɗauka a tsaya gardama. Na uku wa'adin kayan kansu. Atamfa na iya kwana goma ba ta canja ba in ɗaki ba ya yoyo. Amma jarkar manja in anka ɗora mata nauyi sai ta tsiyaye, goro na bushewa, albasa da tumatir na ruɓewa, buhun gari ko gyaɗa ɓera na samun shi dare guda. Da damina kuma, in ɗakin ajiya ya cika anka bar buhu a rumfa, ruwa na wanke rubutun maka, sai kaya su zama ba suna ba lamba. Shi ya sa muke roƙon mai shago ya sa wata takarda mai sunanmu da lambarmu a ciki, cikin leda, kafin ya ɗinke.

Na kamfani kuwa daban yake, kuma ɗiyanmu da ke sayen waya ko takalmi ta intanet su ya fi shafa, har da mu da munka fara odar turare da kayan kwalliya. Sau da yawa irin waɗannan kaya ba su isowa Gummi, sai su tsaya a wurin karɓa a Gusau ko Sakkwato. Za a turo saƙon tes cewa kaya sun iso, da lambar oda, da ranar ƙarshe ta zuwa karɓa, wani lokaci da wata gajeruwar lambar sirri da za a faɗa a wurin. Wagga rana ba ta ɗaguwa da roƙo, don ma'aikacin da ke bayan kanta ba shi ya sa ta ba, na'ura ce ke ƙirga, in kwanakin sun cika a mayar da kaya inda sunka fito. Kuma ƙirgar daga ranar da kaya sunka iso take farawa, ko kin buɗe saƙon ko ba ki buɗe ba. Mu da ke nesa sai mu cire kwana guda na tafiya, mu kuma tambaya ko suna buɗewa ranar Lahadi. Wani ɗanmu da ke karatu waje ya ba mu labarin akwatunan ƙarfe da ake girkawa a bakin shaguna, kamar na kamfanin Amazon, inda ba mutum ko ɗaya a wurin, lamba kawai za ka danna ƙofa ta buɗe, in an kwana uku ba ka zo ba a kwashe a mayar. Mun yi dariya munka ce ashe malamin tasharmu mai sauƙi ne, shi ko ba komai ana iya yi mashi bayani. Gidan waya ma tsarinshi kusan haka ne tun zamanin iyayenmu: a sanar da kai, ka zo da shaida, ka sa hannu, in an daɗe ba ka zo ba a mayar ma wanda ya aiko.

Wannan lambar sirri da ake turowa, ki ɗauke ta kamar makullin ɗakinki. Ba a faɗinta a waya ga wanda ya kira ya ce shi ma'aikaci ne. Ana faɗinta ne a wurin karɓa, kaya na gabanki. Haka nan in baƙuwar lamba ta kira ta ce saƙonki ya maƙale, ki turo kuɗi a sake shi, ki kashe ki kira wanda ya aiko maki kaya. In ba ki yi odar komai ba kuwa, to babu saƙon da ke jiranki.

Yanzu, mi ke faruwa da kayan da ba a zo karɓa ba? A kamfani mun faɗa, ana mayarwa. In kin riga kin biya, sai ki bi sawun kuɗinki, wanda ke iya ɗaukar kwanaki, kuma ba lallai a dawo maki da kuɗin jigila ba. In har yanzu kina son kayan, sai sabuwar oda, wataƙila da sabon farashi. A tasha kuwa, za a yi ta kiran lambar da ke jiki. In ba a dace ba sai a nemi direban da ya kawo, shi ya nemi wanda ya ba shi. In an samu mai aikowa, yana iya cewa a mayar mashi, kuma kuɗin motar komawa wani zai biya, galibi a jarinki zai fita. In kuwa rubutu ya goge, direba ya sauya hanya, ba a san mai aikowa ba, sai kaya su zauna a kusurwa wata da watanni, ana cigiya ga direbobi da 'yan kamasho. Duk wadda ta taɓa leƙa irin wanga ɗaki ta ga buhunan da ƙura ta rufe. Kowane guda jarin wani ne.

Mun tambayi malaminmu hukuncin irin waɗannan kaya. Ya ce abin da anka ba mutum ajiya amana ce, daɗewa ba ta mayar da shi nashi. Ya ce mai ajiya in ya tsare kaya yadda ya kamata sannan wani abu ya same su ba da sakacinshi ba, ba a ɗora mashi biya, amma in ya yi sakaci, kamar ya miƙa ma wanda ba mai su ba ba tare da bincike ba, to ya ɗauki nauyi. Ya ce ko tsintuwa ce mai daraja, ana cigiyarta shekara guda, kuma mai ita sai ya siffanta ta kafin a ba shi. Da munka ji haka sai munka ƙara fahimtar malamin da ya hana mu dilarmu. Tambayar da ya yi muna, mi ke cikin dila, ita ce siffantawar da malamai ke faɗa. Wannan kuma ya shafe mu ta wani gefen, don mu ma ana barin saƙo a rumfunanmu, a ce in wane ya zo daga Bukkuyum ko Nasarawar Burkullu ki ba shi. Ranar da kika karɓa kin zama mai ajiya. Ki rubuta wanda ya kawo, da lambarshi, da wanda zai karɓa, kuma kada ki miƙa sai kin kira.

Abu na ƙarshe shi ne lokacin da kaya sunka zo hannu. Kada murna ta sa a ɗora ma mai baro a wuce. Ki zagaya buhun ki duba ɗinki. In zare iri biyu ne, ko wani gefe ya fi sabunta, ko sitaf ɗin kwali an ɗaga an mayar, to an buɗe a hanya. Ba kullum sata ba ce, wani lokaci a shingen bincike ake buɗewa, amma a nan gaban mai ajiya za ki ƙirga, kafin ki sa hannu. Sa hannun nan ma'anarshi kin karɓa lafiya. In kika kai gida sannan kika ga turmi 38 maimakon 40, mai shago zai ce ya cika, direba zai ce haka anka ba shi, mai ajiya zai nuna maki sa hannunki, ba ki da wanda za ki riƙe. In kaya na da yawa ba a iya zazzagewa a tasha, aƙalla ki ɗauki hoton buhun ta kowane gefe yana wurin, ki kwatanta da hoton da mai shago ya turo ranar lodi. Kuma ki tabbatar tun farko wa ke biyan kuɗin mota, an biya duka a Kano ko saura a nan, don kada ki zo hannu sake a riƙe kaya kan cikon da ba ki san da shi ba.

Bayan abin da ya same mu, munka sayi littafi mai bango mai kauri munka ajiye wurin sakatariya, muna kiran shi littafin saƙo. Duk wadda ta yi oda da kuɗin haɗaka, ranar lodi sai an rubuta abu biyar: sunan da ke jikin buhu, lambobin da ke jiki, lambar direba, lambar mota, da wadda za ta karɓa. In kaya za su sauya mota a Gusau, mai odar ita ke kiran direban farko da safe ta karɓi lambar na biyu, ba ta jira a kira ta. Daga Salla zuwa yau mun karɓi saƙo da dama, ba wanda ya kwana biyu a tasha. Muna roƙon 'yan sashen hatsi da na man gyaɗa da na sabulu su zo su duba littafin bayan an tashi, in ya yi masu su buɗe nasu. Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba tukuna, 'yan ajinmu sun ce za su riƙa cika mata har ta iya.

Mazajenmu kuma, ga roƙonmu gare ku: in anka sa lambarku a jikin kayanmu, ranar da za ku bar gari ku shaida muna.

Abin da munka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda munka yi kuskure ku gyara muna. Allah Ya sa albarka a jarinmu, Ya tsare direbobinmu bisa hanya, Ya ba mu zaman lafiya a Gummi da Zamfara baki ɗaya.